Ƙarfen kwatangwalo: me ya sa ƙashin da ke kewaye da shi yake sirancewa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana mai sikila ne, shekararsa 38. Shekara biyu ke nan da aka sa masa ƙarfen taitaniyom a kwatangwalon dama, kuma alhamdulillahi yana tafiya babu ciwo. Makon jiya aka yi masa hoto, aka ce ƙashin saman cinyar ya ɗan yi shara-shara. Danginsa sun ce jikinsa ne ya ƙi ƙarfen, ƙarfen na cin ƙashi, wai ya daina taka ƙafar mu kai shi wurin mai ɗori. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Tunda yana taka ƙafar babu ciwo, abin da kika kwatanta ya fi kama da sauyin da muke tsammani bayan wannan aiki, kodayake likitan da ke riƙe da hotunan shi ne zai yanke hukunci. Taitaniyom ba ya cin ƙashi. Da zarar ya sha iska, wata siririyar fata takan rufe bayansa ta hana shi tsatsa, kuma ƙashi yakan tsiro ya manne masa kai tsaye. Ta wannan fuska jiki ya karɓe shi hannu bibbiyu. Inda ba su daidaita ba shi ne tauri.

Mutum mai kilo 70, duk takun da ya yi, kwatangwalonsa na ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na jikinsa, wato wajen kilo 200. Kafin aiki, nauyin nan ta wuyan ƙashin cinya yake bi ya sauka a saman cinyar ta ciki, shi ya sa wurin yake da kauri. Bayan aiki kuwa akwai sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargo. A ma'aunin tauri da ake kira gigafaskal, taurin bangon ƙashi bai fi 15 zuwa 20 ba, na taitaniyom ɗin da aka fi amfani da shi, Ti-6Al-4V, wajen 110 ne, na haɗin kobal da kurom kuma ya haura 200. Kamar shanun huɗa ne aka haɗa ƙaton sa da ɗan maraƙi: san shi zai ja garmar, maraƙin ya bi shi kawai. Sandar takan kwashe yawancin nauyin ta sauke shi can ƙasa, inda ta fi kama ƙashi, saman ya zauna babu aiki. Shi kuwa ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake gina shi gwargwadon nauyin da yake ɗauka, kamar yadda likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana tun 1892. Inda aiki ya ragu sai jiki ya janye kayansa. Shi ya sa idan kika duba hoton za ki ga saman ya yi shara-shara, gefen wuyan da aka yanke ya zama zagayayye, amma wajen ƙarshen sandar bangon ƙashin sau da yawa har ƙara kauri yake yi.

Kaurin sandar ma yana da tasiri, har ya kan fi irin ƙarfen. Sanda mai kaurin milimita 16 ta fi mai milimita 12 wuyar lanƙwasuwa sau uku da ɗoriya, ko da ƙarfensu ɗaya ne. Don haka mai faɗin ramin ɓargo da siririn bango, kamar yadda ake samu a wasu masu sikila da tsofaffi, shi ya fi fuskantar wannan. Kada kuma a ɗauka maganin shi ne a yi sanda mai laushi. An gwada irinta a Turai a shekarun 1970, mai jikin roba, sai ta riƙa motsi a cikin ƙashin, tsoka mai zare-zare ta tsiro a inda ake son ƙashi, da yawa suka kwance. Motsin da ya wuce kamar kashi 15 cikin ɗari na milimita ɗaya ya isa ya hana ƙashi kama ƙarfe. Taitaniyom tsaka-tsaki ne: bai kai kobal tauri ba, kuma bai yi laushin da zai yi rawa ba.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, wato shawarar ya daina taka ƙafar. Kusan duk ranar ganin marasa lafiya sai na ji ta. Ƙashin da ya sirance don an rage masa aiki, ta yaya kwanciya za ta gyara shi? Idan ya kwanta wata uku, ɗan nauyin da ya rage wa saman cinyar ma an ɗauke, ƙashin ƙafar gaba ɗaya ya ƙara yin rauni, naman ɗuwawun da ke riƙe da gaɓar ya saki. Ranar da zai tashi sai jiri ko santsin banɗaki ya kayar da shi, ƙashin ya tsage a gefen ƙarfen. Karaya a kewayen ƙarfe ta fi aikin farko wuya, ta fi shi tsada, ta fi cin jini, kuma kin san abin da zubar jini da doguwar kwanciya suke nufi ga mai sikila.

Mai ɗori kuwa, me zai ɗora? Babu karaya. Abin da zai yi shi ne ya kama ƙafar ya ja, ya murɗa, ya shafa mai da zafi, wani har ya yi tsaga. Murɗawa ɗaya na iya fitar da kan ƙarfen daga kwaskonsa ko ta fasa siririn ƙashin nan. Tsaga kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma idan suka samu zama a jikin ƙarfe, allura da ƙwaya kaɗai ba kasafai suke korarsu ba, sau da yawa sai an cire ƙarfen gaba ɗaya. Na taɓa karɓar wani magidanci da aka kawo a kan tabarma, an ɗaure cinyar da kara da tsumma, ruwa na tsiyaya daga wuraren tsaga. Kafin a kai shi can, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Waɗanda suka ba da shawarar kuwa ba a ga ko ɗayansu ba ranar biyan kuɗin aiki na biyu. Ku ji tsoron Allah, jama'a, ku daina yanke hukunci a kan hoton da ba ku iya karantawa ba.

Wannan sirancewa yawanci a shekara ɗaya zuwa biyu na farko take gudu, daga nan ta lafa, kuma ita kaɗai ba ta kawo ciwo. Illarta a gaba take: maigidanki matashi ne, mai yiwuwa wata rana a sake masa aikin, kuma likita zai so ya tarar da ƙashin da zai kafa sabon ƙarfe a kai. Abubuwan da za su tayar mini da hankali daban ne: ciwon cinya a takun farko bayan ya tashi daga zaune, ƙafar ta fara gajarta, baƙin layi tsakanin ƙarfe da ƙashi da ke ƙara faɗi daga hoto zuwa hoto, ramuka kamar an ƙwaƙule ƙashin, ciwon dare, zazzaɓi, ko ruwa daga tabon aikin. Idan akwai ɗaya daga ciki, a koma asibiti a makon nan, a yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi ko shigar ƙwayoyin cuta.

Idan babu, ya ci gaba da tafiyarsa kullum da motsa jikin da aka koya masa, ban da tsalle da ɗaukar buhu. Ranar komawa ku tafi da dukkan hotunan, tun na ranar aiki, ki roƙi likita ya jera su ya nuna muku ko sandar ta nutse ko tana nan inda aka kafa ta. Ki kuma tambaye shi ko akwai buƙatar auna ƙwarin ƙashi da sinadarin bitamin D, domin masu sikila sukan yi ƙarancinsa.