Ba a cewa mutum ya mutu

"Baffa, jiya na ce maƙwabcinmu ya mutu, Inna ta yi ta min faɗa wai ba a faɗin haka. To ba mutuwar ya yi ba? Kuma me ya sa komai sai an zagaya, wai kewayawa, wai kama ruwa?"

Kai ɗan nan, na yi murmushi da na ga saƙonka amma wallahi raina bai kwanta ba, a ce ɗan gidanmu ya kai shekarunka bai san wannan ba. Akuya ce ke mutuwa, jaki ne ke mutuwa. Mutum rasuwa yake yi.

Ina saurayi muna tsinkar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, can wajen Madani, sai ga ɗan aike daga garinmu Maiurno, ya iske ni a gona da hantsi, ya gaishe ni ya tambayi aiki ya sha ruwa, sannan ya ce jikin Baba ya matsa, ana son ganina. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Muka hau lori har Sinnar yana ta min hirar damina, ni kuwa ina ta lissafin kuɗin magani. Sai da muka shigo unguwa na hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune. Kawu ya taso ya kama hannuna ya ce, sai haƙuri, rai ya yi halinsa, ya cika tun jiya bayan la'asar, mun kai shi makwancinsa. Larabawan maƙwabta suna ɗaga hannu suna fatiha, suna albaraka fikum. Har aka share makoki ban ji bakin da ya ce "mutu" ba, ko "kabari".

Da a gonar nan ya faɗa min gatsau, ban san yadda zan kai gida ba. Kuma ka lura, "ya cika" na waɗanda ke kansa ne lokacin da ran ya fita, "ya rasu" ko "ya riga mu gidan gaskiya" shi ake kai wa na nesa. Kakarka, Allah ya ji ƙanta, takan ce magana zarar bunu ce, wadda za ka faɗa wa mai rashi ka fara tauna ta tukuna.

Na kewayawa kuwa, ai shi kansa "bayan gida" sakayawa ce, da can bayan gidan ake zagawa, da aka daɗe ana faɗa ya yi nauyi a baki sai aka koma kewayawa da kama ruwa. Zancen ɗaki kuma, in ka ji an ce yau girkin wance ne, to ka bar shi a girki, sauran sai ka yi aure.

Yanzu ku sai dai a buɗe waya a ga hoton mutum da labarin rasuwarsa, uwarsa ma ba a kai ga sanar da ita ba. Ka je ka ba Innarka haƙuri, kuma ka shiga gidan maƙwabcin ka yi ta'aziyya kafin a yi uku.