Ɗana yana karatu tiryan-tiryan amma bai san me ya karanta ba, me zan saya masa?

Tambaya: Salam Malama, Allah ya ƙara basira. Ɗana shekararsa 9, yana aji huɗu a firamare. Idan ya ɗau littafi zai karanta ba gargada, amma kina rufe littafin kika ce ya faɗa miki me ya karanta sai ya tsaya yana kallonki. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su iya: ko in sayi littattafan nan masu ɗan labari da tambayoyi a ƙasa, ko littattafan karatu kawai, ko in ɗaukar masa malamin lesin. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni dai da ni ce ke, littattafan karatu zan saya, guda uku ko huɗu a kan abu ɗaya da yaron ke so, in haɗa da littafin rubutu da fensir, sannan in ware minti ashirin kullum mu zauna tare. Amma kafin ki kashe ko sisi akwai ɗan gwajin da nake so ki yi yau da daddare, dan kar mu je muna maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

Ki buɗe littafinsa na makaranta, ki ƙirga kalma 100 a shafin da bai taɓa karantawa ba, ki ce ya karanta da ƙarfi, ke kuma kina ɗan sa alama a takarda duk inda ya yi kuskure ko ya tsallake kalma ko ya canja ta da wata. Idan kuskuren bai wuce biyar ba, to idonsa da bakinsa suna aiki, matsalar tana wajen fahimta ne kuma abin da zan faɗa miki a ƙasa shi ne maganinta. Idan ya kai goma ko ya wuce, littafin ya fi ƙarfinsa, duk hankalinsa yana ƙarewa wajen haɗa baƙaƙe babu abin da ya rage na tunani, sai ki sauko masa da littafi mai sauƙi tukunna. Sannan ki gwada abu na biyu: ke ki karanta masa wani sakin layi, shi yana saurare kawai, ki ce ya ba ki labarin. Yaron da ya gane da kunne amma ya kasa da ido daban yake da wanda ko an karanta masa bai gane ba, shi na biyun yawanci kalmomin ne bai sani ba, ko harshen littafin bai zauna masa ba.

To me ya sa ban ce ki sayi masu tambayoyi a ƙasa ba? Dan su awo suke yi, kamar ma'aunin zafin jiki, zai gaya miki akwai zazzaɓi amma ba zai sauke shi ba. Kuma yara suna da wayo sosai, yaro zai karanta tambayar, ya ga kalmar "kogi" a ciki, ya bi labarin da yatsa har ya samu inda aka rubuta "kogi", ya kwafe jimlar gaba ɗaya, ya ci maki, alhali bai san labarin a kan me yake ba. Na sha ganin haka a aji, yaro ya ci tara cikin goma, in rufe littafin in tambaye shi wa ya faɗa kogin, shiru. Wannan tsohuwar matsala ce, tun ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Dolores Durkin, ta zauna a azuzuwan firamare tana kallon darasin karatu, ta tarar malamai tambayoyi suke ta yi dan su gwada ko yara sun gane, amma nuna musu yadda ake ganewar kusan babu.

Yadda ake nunawar kuwa ba wani abu mai wuya ba ne, sai dai yana son haƙuri. Bari in ɗauki misali, a ce kin sayo ɗan littafi a kan ƙwari, akwai shafi mai taken "Yadda tururuwa ke bin hanya ɗaya".

Kafin ya karanta ko kalma ɗaya, ki rufe rubutun da tafin hannunki, ki bar take da hoto kawai. Ki ce, me kake jin za a gaya mana a nan? Zai iya cewa, suna bin sarkinsu ne. Kar ki ce masa ba haka ba ne, kuma kar ki ce haka ne, ki tambaye shi me ya gani da ya sa ya ce haka, sai ya ce ai ga wata a gaba sauran suna binta a layi. Yawwa, wannan shi ne hasashe, zato ne mai hujja, in babu hujja caɓa ce kawai yake yi, shi ya sa kullum bayan "me kake jin zai faru" dole "me ya sa ka ce haka" ya biyo. Ya rubuta hasashen nasa a layi ɗaya cikin littafin rubutu. Amfanin abin shi ne yanzu yana da abin da yake nema a cikin shafin, yana so ya ga ko ya canka.

Sai a fara karatu, amma ba a tafiya har ƙarshe. Sakin layi na farko ya ce tururuwar da ta samu abinci, in za ta koma gida tana barin wani sinadari mai wari a ƙasa duk inda ta bi. Nan ki tsayar da shi. A kwanakin farko ke ce za ki yi tunaninki a fili yana ji, ki ce, af, ashe ba shugaba suke bi ba, wari ne, to ni yanzu abin da ke damuna, in abincin ya ƙare fa, za su ci gaba da bin hanyar ne har abada? Kin ga ya ji yadda mai karatu ke gyara zatonsa, ya kuma ji yadda tambaya ke fitowa daga cikin rubutu. Yara da yawa ba su san cewa wannan surutun yana faruwa a cikin kan mai karatu ba, sun ɗauka karatu shi ne fitar da sauti daidai har a kai ga aya ta ƙarshe, kuma wallahi ba laifinsu ba ne, babu wanda ya taɓa nuna musu.

Sakin layi na biyu ya ce kowace tururuwa da ta dawo da abinci tana ƙara nata warin, hanyar ta yi ƙarfi, in abincin ya ƙare suka daina ƙarawa sai warin ya gushe. Yanzu shi zai yi tambayar, ke ki amsa. Ta farko da zai yi miki kusan na san ta: me tururuwa ke bari a ƙasa? Ki amsa, ki yaba masa, sannan ki ce yanzu yi min wadda amsarta ba ta cikin jimla ɗaya, wadda ta fara da "me ya sa" ko "yaya" ko "me zai faru idan". Zai ɗauki kwanaki kafin ya iya, amma ranar da kika ji ya ce, Umma me zai faru idan na goge hanyar da yatsa, to abin ya fara shiga, dan sai da ya haɗa sakin layi biyu a kansa kafin tambayar ta zo. Kuma in kun ga layin tururuwa ku gwada, za ku ga sun ɗan rikice a daidai wurin kafin su sake gano hanyar.

Bayan an gama sai taƙaitawa, kuma nan ne aka fi shan wahala. A rufe littafin, wannan sharaɗi ne, in a buɗe yake kwafa zai yi. Kika ce ya taƙaita zai yi ɗaya daga cikin biyu, ko ya kwaso komai daga farko yana "sannan kuma, sannan kuma", ko ya ɗauko abu guda da ya burge shi, misali tururuwa tana da ƙafa shida, ya ce shi ke nan. Abin da ke min aiki shi ne in ba shi iyaka: wa ake magana a kai, me ya fi muhimmanci game da shi, a kalmomin da ba su wuce goma sha biyu ba, yana ƙirgawa da yatsu. Sai ki ga yana zubar da wasu yana riƙe wasu har ya iso ga wani abu kamar "tururuwa na barin wari a hanya dan sauran su samu abinci". Wannan zaɓen da yake yi, wanne zan bari wanne zan yar, shi ne ainihin aikin fahimta. Daga nan ya koma kan hasashen da ya rubuta da farko, ya faɗa da bakinsa inda ya dace da inda ya kauce.

Wannan tsarin ba ni na ƙirƙire shi ba. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown suka fitar da bincikensu a kan yara irin naki, masu iya furta kalmomi amma ba sa ganewa, suka koya musu hasashe da tambaya da taƙaitawa, da na huɗu wato tsayawa a warware kalma ko jimlar da ta shige duhu, malami ya fara yi sannan a hankali ya miƙa wa yaran ragama suna karɓa-karɓa. Miƙa ragamar nan ki riƙe ta da kyau, in bayan sati uku har yanzu ke ce ke yin duk tambayoyin to an koma gidan jiya. Kuma kar ki tsayar da shi a kowace jimla, musamman a labari mai daɗi, tsayawa biyu ko uku a shafi ta isa, in ta yi yawa zai tsani zaman.

Dalilin da ya sa na ce littattafan su zama a kan abu ɗaya: dabarun nan suna da iyaka, yaro ba zai yi hasashe a kan abin da bai san komai game da shi ba. A 1988 wasu masu bincike, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba yara labarin wasan besbol, wani wasa da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, sai ga shi yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimta. In ya karanta na tururuwa yau, na ƙudan zuma gobe, na gara jibi, kalmomin suna maimaituwa, littafi na uku zai zo masa da sauƙi fiye da na farko. Wajen saye ki tafi da shi, ya karanta shafi ɗaya a tsaye, in ya ci karo da kalma biyar da bai sani ba ki ajiye ki ɗau wani. Ki duba mai take a kan kowane sashe da hotunan da suka shafi rubutun, su ne abin yin hasashe.

Malamin lesin kuma, in daga baya hali ya samu ko ke lokaci ya ƙi, ki roƙe shi ki zauna a darasinsa na farko, ki lura wa ya fi magana, wa ke yin tambayoyin, kuma ko ana rufe littafi kafin yaron ya taƙaita. Littafin tambayoyin nan ki bari sai jarabawa ta matso ki sayi guda ɗaya dan ya saba da salon, shi ma ki rufe tambayoyin da takarda, sai ya karanta ya taƙaita miki tukunna ya buɗe su.