Fuskata tana raɗaɗi tana ɗaurewa, me ya same ta?

Tambaya: "Salam 'yan'uwa. Wata guda ke nan da na haɗa retinol da ruwan asid na goge fuska, safe kuma bitamin C. Yanzu ko man da na saba shafawa raɗaɗi yake min, in na wanke fuska sai ta ɗaure kamar za ta tsage. Ga ƙananan ƙuraje. In ƙara sabulun ƙuraje ne?"

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki ƙara komai, ragewa za ki yi. Na taɓa shiga wannan hali, na kuma ga masu shi da yawa, kuma alamun duk sun nuna garkuwar fatarki ce ta lalace.

Saman fata kamar gini yake: ƙwayoyin fata su ne bulo, wani maiƙo na halitta, wanda akasarinsa seramaid ne da kolestarol, shi ne simintin da ke riƙe su. In asid da retinol da yawan wanki suka kwashe maiƙon, ruwan jiki sai ya riƙa tsirarewa waje, shi ne ɗaurewar. Abin da kika shafa kuma sai ya kutsa har inda jijiyoyin ji suke, shi ne raɗaɗin. A wurina alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce man da kika daɗe da sabawa da shi ya koma yana miki zafi. Ki duba madubi kuma. Fuskar takan yi wani sheƙi na yaudara, a zaci kyau ne, alhali gefen hanci da baki sun yi furu-furu suna saɓa. Masu duhun fata ba lallai su ga ja ba, wurin kan ƙara duhu ne ko ya yi toka-toka.

Daga yau ki ajiye retinol, asid, bitamin C, abin dirza fuska da duk mai ƙamshin turare. Da safe ruwa zalla, mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Da dare ki wanke sau ɗaya da abin wanke fuska mai laushi marar yawan kumfa, da yatsu kawai. Sabulun sanda na yau da kullum ki huta da shi, domin fata mai ɗan tsami ce, wajen 5 take a ma'aunin pH, sabulun kuwa ɓangaren kanwa yake, yakan kai 9 zuwa 10, shi ya sa yake barin fuska a ɗaure.

Kina gama wankewa ki dangwala tawul, kada ki goge, sannan ki shafa mai tun da sauran danshi. Ki nemi mai kauri marar ƙamshi da ke ɗauke da gilisarin ko seramaid. Da dare ki bi wuraren da suka fi saɓa da basilin ɗan kaɗan, domin yana tare ruwa sosai. In fatarki mai saurin fesar da ƙuraje ce, kada ki lafta shi a duk fuska. Man kariya daga hasken rana kuma ki ci gaba da shi, amma in naki yana raɗaɗi ki koma mai zink oksaid, ya fi sauƙi ga fatar da ta yi gautsi.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne mako na farko. Zafi ya lafa, fuska ta saki, sai a ce an warke a ɗauko kwalaben nan, kwana kaɗan a koma gidan jiya. Saman fata yakan ɗauki kusan mako 4 kafin ya sabunta, don haka ki ba ta mako 3 zuwa 4. Ƙurajen nan ƙanana galibi da kansu suke kwantawa. Gwajina mai sauƙi ne: ki wanke fuska ki jira 'yan mintuna ba ki shafa komai ba. In ba ta ɗaure ba, man kuma bai yi zafi ba, har tsawon mako guda a jere, to kin kusa.

Sannan ki dawo da abu ɗaya tak. A ce retinol kika zaɓa: ɗan ɗigo, dare biyu a mako, a kan busasshiyar fata, ki bi da mai. Ki yi mako biyu a haka kafin ki ƙara wani. Asid da retinol kada su sake haɗuwa a dare ɗaya. Ni a ganina ma yawancinmu ɗaya daga ciki ya ishe mu.

Amma in fuskar tana tsattsafo da ruwa, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa ya fito, ko ido ya kumbura, ko wata ya cika ba sauƙi, ki ga likitan fata, domin kyasbi mai ƙaiƙayi da rashin jituwa da wani sinadari suna kama da wannan. Haka in kin daɗe kina shafa mai mai sitiroid, irin wanda ake cusawa cikin wasu mayukan hasken fata, ki gaya wa likitan. Yanke shi lokaci guda yakan sa fuska ta tashi fiye da da, don haka shi zai tsara miki yadda za ki janye.