Hoton kwalbar maganin ciyawa: me za a duba kafin a sayar

Maigida, wani manomi ya turo min hoton kwalbar maganin ciyawa ta waya, ya ce irinta yake so guda huɗu. Na duba kanta na ga kala biyu masu kama da ita, murfi iri ɗaya, girma ɗaya. Wacce zan ba shi?

Kar ka ba shi ko ɗaya tukuna, ɗana. Kamfani ɗaya yakan zuba magunguna biyar ko shida a kwalba iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har sunayen ma su yi kama. Murfi da zanen masarar da ke gaba ba shaida ba ne, balle hoton da aka ɗauka da magariba a zaure. Ka kira shi ya sake ɗauka da rana, ya matso da wayar kan ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, wurin da aka sa `Active ingredient`. Nan ne sunan maganin na gaskiya yake. Sai ya juya kwalbar ya ɗauko lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya haɗa da zanen launin da ya zagaye gindin takardar.

Biyun da suka fi ruɗa sabon shiga su ne `Glyphosate` da `Paraquat`. Dukkansu ana fesa su kafin shuka, dukkansu ba sa bambanta ciyawa da amfanin gona, amma aikinsu daban. Gilaifoset ganye ke shansa ya sauka har saiwa, sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin gona ta yi ja. Farakwat kuwa inda ya taɓa kawai yake ƙonawa, kwana ɗaya ko biyu ciyawa ta bushe. A ce gonar mutumin nan tofa ce ta cinye ta, ka ba shi farakwat. Jibi zai zo yana sa maka albarka, bayan 'yan makonni tofa ta sake tsirowa daga saiwarta, kuɗin kwalba huɗu da ladan mai feshi sun tafi. Shi ya sa ko hoto ya fito ras, nakan tambaya: wace ciyawa ce, kuma an yi shuka ko ba a yi ba?

Asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Farakwat kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum, kuma ba shi da makari. Yakan ƙona baki da maƙogwaro, ya taɓa ƙoda, sannan ya bi huhu a hankali, har a ga kamar mutum ya samu sauƙi kafin numfashi ya fara gagararsa bayan kwanaki. Wanda ya saba da gilaifoset, yana dama shi hannu tsirara da tanki mai yoyo a bayansa (wannan ma ganganci ne), in ka miƙa masa farakwat bai sani ba, haka zai yi da shi. NAFDAC ta sanar da hana shi tun farkon 2024, don haka in ɗaya daga cikin namu shi ne, sauke shi daga kanta ka jira ni.

Launin gindin takarda yana taimakawa: ja shi ne mafi guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Farakwat rawaya yake ɗauka. Sai dai launin matakin haɗari kawai yake faɗa, magunguna da yawa rawaya ne, ga shi hasken waya na iya mai da shuɗi kamar kore. Ka ɗauke shi a matsayin shaida ta biyu bayan suna.

Ka lura da lambar da ke bin sunan. Za ka ga wata kwalbar gilaifoset an rubuta `360 g/L`, wata `480 g/L` ko `41%`, manomi ya dage sai mai 480 don ta fi ƙarfi. Sau da yawa abu ɗaya ne: mai 360 tsantsar maganin aka auna, mai 480 kuwa an auna shi haɗe da gishirin da aka sarrafa shi da shi. Karanta abin da ya biyo bayan lambar kafin ka yarda, kuma awon da za a zuba a tanki daga takardar kwalbar da ka sayar za a ɗauko shi, ba daga ta bara ba.

In hoton da ya turo na biyu ya nuna takarda a yage, ko ruwa ne a gorar lemo, ba ni ba, ba kai ba, babu mai gane shi. Farakwat ana sa masa launin kore mai shuɗi-shuɗi da wari mai tsanani, amma launin ruwa bai isa a yi ciniki a kansa ba. Ka ce ya ajiye gorar inda yara ba sa kaiwa, a kulle, ya zo shago da kansa ya faɗa mana abin da ke gonar. In kuma wata rana aka kira ka wai wani ya sha, ka ce a wuce asibiti nan take da kwalbar ko hoton takardarta, domin da sunan nan likita zai san abin da zai yi. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi.