Saƙon neman biyan bashi: yadda na koya bayan na sha wuya

Tambaya: 'Yan uwa, ina da shagon kayan gini nan Yamai, wajen Katako. Wani abokin ciniki ya ɗauki kayan jikka 420, an yi wata biyu kullum sai gobe. Ba na son mu ɓata, kuma ba na son kuɗina su nutse. Yaya zan tsara saƙonnin da zan riƙa tura masa, daga lallashi har zuwa magana mai kauri?

Ƙanena, wallahi da na karanta wannan sai na ji kamar ni ne shekaru uku da suka wuce. Ni ma siminti da ƙarfe nake sayarwa a nan Tawa, kuma na ci irin wannan tuwon har ya gundure ni.

Nawa wani ɗan kwangila ne, ba zan kama sunansa ba, masallaci ɗaya muke salla. Ya ɗauki siminti na Malbaza da ƙarfe na jikka 850, ya ba da 300, saura 550 wai wata ɗaya. Wata ya cika na yi shiru don kunya. Da na fara tura saƙo, me nake rubutawa? "Alhaji ina kwana, ina gajiya, Allah Ya sa ba a manta da mu ba." Shi kuwa ya amsa da "Ba a manta ba, in sha Allahu." Sau fiye da goma na tura wannan, sau fiye da goma ya ba ni wannan amsa. Babu adadin kuɗi a ciki, babu rana, ko kalmar bashi babu. Gaisuwa kawai muke ta yi wata huɗu.

Sai wata Lahadi, ranar kasuwa, wanda nake sari wurinsa ya kira ni ya ce ba zai loda mini ko buhu ɗaya ba sai na cika masa nasa. Ina ajiye waya sai ga mutumin nan ya wuce ta gaban shagona cikin sabuwar mota. Bai ko ɗaga mini hannu ba. Raina ya ɓaci, na danna saƙon murya na yi minti huɗu ina zuba masa. Na ce masa macuci, na ce da haƙƙin mutane ya yi aikin Hajji, har mahaifinsa na ambata, Allah Ya yafe mini. Kafin la'asar muryata ta zagaya gari. Ya tura wa yayana, ya tura wa limaminmu, har surukina da ke Abalak sai da ya ji. Daren nan aka zaunar da ni gaban dattijai, ni mai bin jikka 550, ni aka sa na ba da haƙuri. Ina durƙushe yana zaune kan kujera yana jan tasbaha, yana cewa "ba komai, yaro ne." Ni da 'ya'ya bakwai! Har gobe in na tuna kalmar nan sai na ji zuciyata ta yi zafi. Daga ranar maganar kuɗi ta koma maganar zagi, ya sami inda zai fake har wata biyar.

To ka ga kuskurena biyu ne: na daɗe a taushi da yawa, sannan na tsallaka zuwa faɗa ba tsani a tsakiya. Kaurin saƙo ba a zafin baki yake ba. Gaisuwa ce ke raguwa, lamba da rana su ƙaru, kuma kowane saƙo ya zo da wani abu sabo wanda na gabansa bai faɗa ba. In na biyu ya yi kama da na farko, ka koya masa cewa shiru ba ya jawo komai.

Na farko nakan tura shi kwana biyu bayan ranar alkawari. Ga irin wanda nake rubutawa yanzu:

"Salamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya iyali? Ina tuna maka ragowar kuɗin siminti da ƙarfen da aka ɗauka 3 ga Maris, jikka 550, da muka yi za a kawo 3 ga Afrilu. Wataƙila hidima ce ta yi yawa. In an riga an turo, a sanar da ni in duba. Na gode."

Sai in haɗa da hoton faktir ko shafin littafi inda ya sa hannu. Ka lura da "wataƙila hidima ce": ƙofa ce na bar masa ya fita da mutuncinsa. Amma kada ka ba shi haƙuri a ciki. Wannan "ka yi haƙuri na dame ka" da muke sawa, ka cire shi. Kuma kada ka faɗa masa matsalarka, wai yara ba lafiya ko haya ta matsa. Da ka faɗa, ka mayar da haƙƙinka roƙo, sai ya turo maka jikka 10 ta Nita yana jin ya yi maka alheri. Na yi, na gani.

Bayan mako ɗaya sai na biyu, kuma shi ne mafi amfani duk a cikinsu, don a nan kake sa shi ya faɗi rana da bakinsa:

"Salamu alaikum Alhaji. Game da jikka 550 na kayan 3 ga Maris, yau kwana tara da wucewar ranar da muka yi. Wace rana zan sa ido? In duka ba za su samu ba, ka faɗa mini nawa za ka iya bayarwa yanzu, da ranar cika sauran."

Tambaya ce da "in sha Allahu" kaɗai ba ta amsa ta. In ya ce maka "ƙarshen wata", kada ka bar ta haka, ka mayar masa: "To, na rubuta 30 ga Afrilu, jikka 550, haka ne?" Da ya rubuto "haka ne", ka ɗauki hoton allon wayar ka adana wani wuri, don mutum na iya goge saƙonsa a Wasap. Wannan amsar ita ce ya yarda da bashin da adadinsa. In ba ya karatu, saƙon murya ma ya yi, amma ka faɗi waɗannan kalmomin kawai, kada ya wuce rabin minti, kuma kada ka yi shi kana tsaye cikin rana da yunwa. Duk abin da ka tura, ka ɗauka limaminku zai ji.

Af, wani abu. Ka rubuta kuɗin iri biyu, jikka 550 da kuma 550.000 F. Mu da muke lissafi da dala da jikka, ga abokan ciniki masu faɗar sefa da Faransanci, an sha rigima kan sifiri ɗaya. Kuma in ya kawo wani abu, ko jikka 50 ne, ka karɓa, ka rubuto masa nan take: "Na karɓi 50, saura 500." Wasu na ƙin karɓar kaɗan don fushi. Ban ga hikimar hakan ba.

Na uku sai ranar da shi ya yanka ta wuce. A nan ba ina wuni, ba ya iyali, sallama kaɗai. "Wataƙila" ta fita, "a taimaka" ta fita:

"Salamu alaikum. Ka ce 30 ga Afrilu, ta wuce ba a biya ba. Bashin jikka 550 ne. Na ba ka zuwa 10 ga Mayu. Daga yau na rufe littafinka, ba kaya sai da kuɗi hannu. In ranar ta wuce, zan zo da wanda ya haɗa mu a zauna."

Sunan Alhaji ma da ban sa ba, ya isa ya gane iska ta juya. Amma don Allah kada ka faɗi abin da ba za ka yi ba. Ni na taɓa rubuta "wannan ne na ƙarshe" har sau uku, na uku dariya kawai aka yi mini. In ka ce 10 ga wata, to 11 ga wata ka kasance a ƙofar gidansa da dattijon. Kuma kada ka yi masa barazanar komisariya ko jandarma. Bashin ciniki ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kansa in ba zamba ta shiga ba, masu taurin bashi kuwa sun fi ni da kai sanin haka. Sa hotonsa a Fesbuk ma ka bari, sai ya juya ya kai ka ƙara kan ɓata suna. Ƙarin kuɗi don jinkiri kuma ni ba na rubutawa, malamanmu sun ce riba ce.

Kafin ka kai nan dai ka auna mutumin. Akwai wanda ba shi da su da gaske, shi ma wani ya riƙe masa, ko yana jiran a biya shi aikin da ya yi. Alamarsa yana ɗaukar waya, yana faɗin gaskiya, yana kawo ɗan abin da ya samu. Wannan Alƙur'ani ma ya ce a saurara masa har ya samu, sai ka tsaya a saƙo na biyu ku raba kuɗin wata-wata. Wanda yake karantawa ya yi shiru, ko kullum da sabon labari, shi ake hawa da shi mataki-mataki.

Na huɗu ba na waya ba ne, takarda ce da Faransanci, wadda ma'aikatan shari'a ke kira mizandimer. Ana sa sunanka da nasa, asalin bashin, abin da aka biya, abin da ya rage, wa'adi kamar kwana takwas, da cewa bayan nan za a je kotu. Ka ba wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai wa mutane irin waɗannan takardu, ya kai, ko a kai masa hannu da hannu ya sa hannu a kan kwafinka. Wisiye na karɓar kuɗin aikinsa, ka tambaya tun farko ka ga ko bashin ya kai. Ku a Yamai kuna da kotun kasuwanci, kuma dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da ita, ta tanadi hanya gajera da alƙali ke ba da umarnin biya in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa kuma ya yi. Nan ne faktir da hoton "haka ne" ɗin nan za su yi maka rana. Kada ka yi ta jira shekara da shekaru, don a saye da sayarwa tsakanin 'yan kasuwa wa'adin kai ƙara shekara biyu ne.

Nawa dai bai kai kotu ba. Kwana uku da wisiye ya kai masa takarda a gaban ma'aikatansa ya aiko yaro da jikka 300, sauran 250 sai bayan Sallar Layya. Muna gaisawa a masallaci, amma ko ƙusa ɗaya ba ya ɗauka a shagona sai ya biya. Kai da ka riga ka yi wata biyu, kada ka tsaya kan na farko. In ka taɓa faɗa masa adadin a rubuce, fara daga na biyu yau da yamma, bayan ka ci abinci.