Kamfanin caca ya rufe asusuna ya riƙe kuɗin da na ci: ina da haƙƙin bin su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina buga cacar ƙwallo ta waya. Kamfanin yana ba sabon shiga garabasa daidai da kuɗin da ya fara zubawa. Da na cinye tawa sai na buɗe wani asusun da lambar NIN ta matata, daga baya na ƙara wani da ta mahaifiyata, duk a wayata. A na mahaifiyata na zuba naira 20,000, suka ƙara min 20,000, da sharaɗin sai na juya garabasar sau 5 a tikiti mai wasa uku ko fiye kafin in cire. Na yi ta bugawa har kuɗin ya kai 640,000. Da na zo cirewa suka nemi hoton mai asusun riƙe da katinta, washegari suka rufe duka ukun. Har asusun ƙanena suka rufe da 45,000 a ciki, alhali shi guda ɗaya gare shi, da sunansa, wayata kawai yake ara. Wannan ba zalunci ba ne? Ya halatta in sa mahaifiyata ta ɗauki hoton ta ce ita ce ke bugawa? Kuma garabasar ai kyauta ce, ko ba haka ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka tambayi abu uku, amma akwai na huɗu da ba ka tambaya ba, kuma a kansa sauran suke tsaye. Abin da kake yi caca ce, wadda Alƙur'ani ya kira maisir. A Suratul Ma'ida aya ta 90 Allah Ya haɗa ta da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, Ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni a nisance ta. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Furucin gayyatar kaɗai ke nan. Babu saɓani tsakanin malamai a kan haramcinta, kuma kasancewarta a waya ko samun lasisinta daga wata hukuma bai sauya mata hukunci ba.

Yanzu mu raba 640,000 ɗin nan, domin ba kuɗi iri ɗaya ba ne.

Mu fara da garabasar, tunda ita ta ja ka. Kyauta a shari'a mallakawa ce ba tare da musaya ba: an ba ka, ta zama taka, ka kashe ta yadda ka so. Wannan kuwa ba ka da ikon cire ko naira ɗaya daga cikinta sai ka buga caca ta 100,000, wato 20,000 sau 5. Ka lura da dalilin da ya sa suka ce sai tikiti mai wasa uku. Ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki. Da adalci za a bi, wanda ya sa naira 100 ya ci sai a ba shi 200. Kamfanin sai ya ba shi kamar 190, ya riƙe 10. Idan aka daɗe ana bugawa, mai bugawa yana rasa naira 5 a kowace 100. Idan aka haɗa irin wannan wasa guda uku a tikiti ɗaya, rabon kamfanin yana hawa kan kansa sau uku, ya kai kusan naira 14 a kowace 100. A cacar 100,000 ke nan kusan 14,000 ta koma musu, daga cikin 20,000 da suka ce sun ba ka, ga kuma sun samu mutumin da hannunsa ya saba. Tsaba ce aka watsa wa kaza. Abin da ba a isa gare shi sai ta hanyar haram ba ya zama halal don an sa masa suna kyauta.

Abin da ka ci a kai, shi ma bai taɓa shiga mallakarka ba. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama ciniki ne bisa yarda. Ƙulla caca ɓatacce ne tun daga tushe, kuma ɓataccen ƙulli irin wannan ba ya mayar da dukiyar wani ta zama taka. Kuɗin nan na mutane ne irinka da suka zuba suka faɗi. Saboda haka 620,000 daga cikin abin da kake kuka a kai, ko da kamfanin ya turo maka su yau, ba za ka ci ba, ba za ka ciyar da iyali da su ba.

Abin da yake naka shi ne 20,000 da ka zuba, in dai da halal ka same ta. Ita kana da damar nema.

Sai maganar zalunci. Kusan duk waɗannan kamfanoni suna rubuta a sharuɗɗan da mutum ke danna amincewa da su ba tare da ya karanta ba cewa asusu ɗaya ne ga mutum ɗaya, garabasa kuma ɗaya ce ga mutum, ko gida, ko waya, ko adireshin IP, wato lambar hanyar intanet da aka shigo ta ita, ko asusun banki. Suna kuma ba kansu ikon soke garabasa da duk abin da aka ci da ita idan suka ga an saɓa. Gane hakan ba ya musu wuya. Kowace waya tana barin alama idan ta shiga manhajarsu, irin samfurinta da saitinta, kuma canza layi ba ya goge wannan alama. Suna ganin hanyar intanet da aka shigo ta ita, suna ganin asusun da kuɗi ya fito. Asusu da sunan dattijuwa, kuɗin yana fitowa daga bankin ɗanta, a wayar da wasu asusu uku suke shiga, ana buga wasanni iri ɗaya a lokaci ɗaya: ba sai an yi dogon bincike ba.

Ba zan wanke su ba. Sau da yawa ba a tsaurara tantancewa lokacin da mutum yake zubawa, sai ranar da ya zo cirewa. Da ka faɗi da 20,000 ɗin nan da wuya wani ya nemi hoton mahaifiyarka. Kuma riƙewar da suka yi ba ta halatta musu kuɗin ba, su ma haram suke ci. Amma zaluncinsu bai ƙirƙira maka haƙƙin da ba ka da shi ba.

Wani zai ce ai hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, don haka ko dai kamfanin ya cika alkawarin biya, ko kai ka cika sharaɗin asusu ɗaya. Ƙarshen hadisin a ruwayar Tirmizi ya toge sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Alkawarin biyan kuɗin caca ba alkawari ba ne da shari'a take tilasta cika shi. Sai dai kada ka ɗauka wannan ya sauke maka laifin yaudara. Ƙarya haram ce ko da wa aka yi wa ita, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, mutumin kirki ko kamfanin caca. A hadisin Muslim, Annabi ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka ce kai wata ce alhali ba ita ba ce, har sau biyu, don ka karɓi abin da aka ce sau ɗaya ake bayarwa. Laifi ne daban a kan laifin cacar.

Wanda ya fi damuna a tambayarka shi ne na mahaifiyarka da matarka. Lambar NIN amana ce. Idan ba su san abin da ka yi da ita ba, ka ci amanarsu, ka rubuta sunayensu a rajistar 'yan caca, kuma yanzu an haɗa sunayen da zargin zamba. Idan sun sani sun yarda, ka jawo su cikin taimakekeniya a kan zunubi, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce bai halatta ba. Ka ɗauki wadda ta haife ka, ka miƙa mata kati, ka koya mata ƙaryar da za ta faɗa, don kuɗin da ko sun zo ba naka ba ne? Kada ka yi. Ka je ka faɗa musu gaskiya, ka nemi afuwarsu, kowacce da kanta.

Ƙaninka ba shi da laifin yaudara, tunda da sunansa ya buɗe kuma guda ɗaya. Manhajar kamfanin cacar wayar kawai take gani, ba ta san wa da ƙane ba, kuma a gidajenmu inda mutum uku ko huɗu suke amfani da waya ɗaya irin wannan yana faruwa ga wanda bai yi niyyar komai ba. Amma hukuncin kuɗinsa ɗaya ne da naka. Ya duba cikin 45,000 ɗin nawa ya zuba da hannunsa, wannan ne nasa, ragowar ba tasa ba ce. Kai ne sanadin rufewar, don haka ka taya shi neman uwar kuɗinsa. In kai ka koya masa cacar, wannan ma ka sa shi a cikin tubarka.

Yadda za ku nema shi ne ku rubuta wa kamfanin da gaskiya, ka ce kai ka buɗe asusun, ka haɗa shaidar turawa daga bankinka, ka nemi a mayar da abin da ka zuba zuwa asusun da ya fito, a kuma rufe asusun matarka da na mahaifiyarka har abada. Wasu suna mayar da uwar kuɗi, wasu suna riƙe har ita. Kai ƙara ga hukuma kuwa ya danganta da jihar da kake, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 kula da caca ya koma hannun jihohi, kuma a jihohin da ke bin shari'a, kamar Kano, cacar kanta laifi ce. Idan 20,000 ɗin ba za ta fito ba sai da sabuwar ƙarya, ko sai ka sake buga wani tikiti, ka bar ta. Ka kuma kiyayi masu cewa ka biya su su buɗe maka asusu, ko masu neman lambar sirrinka da BVN.

Idan kuma suka saki kuɗin gaba ɗaya, ka cire 20,000 ɗinka, ka fitar da 620,000. Malamai sun yi maganganu a kan inda irin wannan dukiya take zuwa. Asali a mayar wa mai ita idan an san shi. A nan masu ita dubban mutane ne da ba za ka iya gano su ba, mayar wa kamfanin kuma ƙarfafa shi ne a kan ɓarna. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a ba matalauta ko a sa a amfanin jama'a, kamar maganin marasa lafiya ko gyaran rijiya, da niyyar rabuwa da haram, ba da niyyar sadakar neman lada ba, domin Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Haka za ka yi da duk abin da ka taɓa ci a baya wanda yake hannunka har yanzu. Wanda ka riga ka kashe, ka ƙiyasta shi ka riƙa fitarwa gwargwadon iko. Kuɗin da ka faɗi a baya kuwa kada ka ce sai ka buga ka dawo da su. Ka goge manhajar daga wayar yau, kada ka buɗe wani asusun a wani kamfanin.

Wallahu a'alam.