Yadda fidibak ke sauya rizistans ɗin mashiga da mafita

“Salamu alaikum. Ɗalibi ne ni a Katsina. Hanyoyin haɗa negatib fidibak guda huɗun nan suna rikita ni. Wacce ke ƙara rizistans, wacce ke ragewa?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haddace huɗun, ka duba kowane baki shi kaɗai.

A mashiga, idan siginar da aka dawo da ita ta shiga a jere, wato siris, boltej take ragewa, sai karant ɗin da ake ja ya ragu, rizistans ya ninku da 1 + Aβ. Idan kuwa a maɗaura ɗaya suka haɗu, wato shant, raba shi za ka yi da wannan adadi. A mafita, ɗibar boltej, wato shant, tana rage shi, ɗibar karant, wato siris, tana ƙara shi. Shi ya sa siris-shant ke ɗaga mashiga ya sauke mafita, shant-siris akasin haka, siris-siris ya ɗaga duka, shant-shant ya sauke duka.

Ɗauki siris-shant mai A = 1000 da β = 0.01, adadin ya zama 11. Mashiga mai 10 kΩ ta koma 110 kΩ, mafita mai 220 Ω ta sauko 20 Ω.

Inda na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe shi ne gane abin da ake ɗiba. A kan takarda, haɗe mafitar da giraun. In fidibak ya ɓace, boltej ne. In yana nan, karant ne.

Sai ka kula da rizistar bayas da ke wajen zagayen, ba ta ninkuwa. In 47 kΩ ce a faralel da mashiga, rizistans ɗin mashigar zai zama kusan 33 kΩ, ba 110 kΩ ba.